Ruwan da Ƙwayar Ruɓa Ba Ta Iya Sha: Gishiri, Sukari da Kifin Fadamar Haɗejiya



Za mu fara da wata tambaya wadda a ji na farko ta yi kama da wasa ƙwaƙwalwa. Zuma mai kyau, idan aka auna ta, za a tarar kashi 17 ko 18 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne, amma sai ta shekara a cikin tulu ba ta canza ba. Gero kuwa, in an zuba shi a rumbu da ruwa daidai wannan gwargwado a jikinsa, ba za a daɗe ba sai fumfuna ta rufe shi. Ruwa ɗaya, adadi ɗaya, amma wancan ya tsira wannan ya lalace. Me ya raba su? Amsar wannan tambaya ita ce maganarmu ta yau, kuma za mu neme ta ne a wurin da ta fi tsada, wato a hannun masuntan fadamar Haɗejiya.

Kogin Haɗejiya, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka sani, haɗuwar Kogin Kano ne da Kogin Chalawa. Idan ya wuce birnin Haɗejiya sai ya bar zama kogi mai gaɓa biyu, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru, kafin ruwansa ya haɗu da na Kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Ambaliyar damina ita ce ke ba kifi wurin hayayyafa da kiwo, sa'an nan idan ruwa ya fara janyewa a cikin kaka sai su ya kankama, tarwaɗa da karfasa da kurungu da gaiwa su fito da yawa a lokaci guda. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma ƙara ta Chalawa a 1992, faɗin ambaliyar ya ragu, don haka kowane kwando na kifi da ya ruɓe a yanzu asara ce wadda ta fi ta da ciwo.

Kifi kuwa ba ya jira. Da zarar ya mutu, ƙwayoyin bakteriya da ke kan fatarsa da cikin hanjinsa sukan fara cin namansa. Su waɗannan ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma haihuwarsu rabuwa ce: ɗaya ta tsage ta zama biyu, biyu su zama huɗu. A zafi irin na ƙasarmu wasunsu kan rabu duk bayan rabin awa. Wanda ya iya lissafi ya ninka biyu sau ashirin, zai ga ƙwaya ɗaya ta haura miliyan cikin awa goma. Wannan shi ya sa kifin da aka kama da asuba, idan babu ƙanƙara, kafin dare ya fara ɗoyi. Masunci ba shi da zaɓi sai ya sayar nan take, ko ya banda, ko ya shanya, ko ya sa gishiri. Dabarun nan uku na ƙarshe, ko da yake kamanninsu sun bambanta, abu guda suke yi: suna hana ƙwayar ruɓa shan ruwa.

To, a nan ne za mu koma ga zuma da gero. Ruwan da ke cikin abinci ba duka ne yake sake ba. Wani yana riƙe, gishiri ko sukari ko naman abincin kansa ya kama shi, ba ya iya tashi ya zama tururi cikin sauƙi, ba ya kuma iya shiga jikin wata halitta. Wani kuwa sakakke ne. Ƙwayar ruɓa ba ruwanta da yawan ruwan da ke wurin, abin da ya dame ta shi ne yaya sakewarsa take. A cikin zuma sukari ya riƙe ruwan gam. A cikin gero kuwa garin da ke ciki ba ya narkewa, riƙonsa bai kai na sukari ba, saboda haka ruwan ya fi sakewa, fumfuna ta samu abin sha. Wani masani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna W. J. Scott shi ne ya tabbatar da wannan a rubuce-rubucensa na 1953 da 1957, inda ya nuna cewa girman bakteriya yana bin wannan sakewa ta ruwa ne, ba yawansa ba. Mu a wannan lacca za mu kira ma'aunin nan kuzarin ruwa. A littattafan kimiyya za ku gan shi da alamar aw.

Ma'aunin daga sifiri yake zuwa ɗaya. Tsantsar ruwa kuzarinsa 1, abin da ya bushe ƙayau babu ɗigon ruwa kuwa kuzarinsa 0. Yadda ake gane shi ba wuya. A ɗauki yankan kifi a sa a kwalba, a rufe bakinta sosai, a bar ta ta kwana. Ruwan kifin zai yi ta tashi cikin iskar kwalbar har a kai inda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Idan aka auna laimar wannan iska aka samu kashi 80 cikin ɗari, to kuzarin ruwan kifin 0.80 ne. Wato laimar iskar da ta daidaita da abinci, a raba ta da ɗari. Muna roƙon ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa idan mun zo maganar marka.

Ɗanyen kifi kuzarin ruwansa kusan 0.99 ne, daidai da ɗanyen nama da madara, kuma a nan kowace ƙwaya tana cin karenta babu babbaka. Idan aka fara saukar da ma'aunin sai su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar 'yan tsere da ƙishirwa ke kayarwa. Waɗanda ke kawo yauƙi da ɗoyi su ne raggwaye, su ke fara tsayawa. Kafin a kai 0.91 yawancin bakteriya sun daina hayayyafa, har da salmonela mai kawo zawo da zazzaɓi. Akwai wata mai taurin kai, sitafilokokas, wadda ke zaune a hanci da fatar mutane masu lafiya, ta kuma shiga abinci ta hannun mai taɓa shi. Ita takan jure har wajen 0.86. Daga nan sai fagen ya zama na fumfuna, wadda yawancinta kan yi girma har 0.80, wasu 'yan kaɗan ma su wuce haka. Ƙasa da 0.60 babu wata halitta da aka sani tana hayayyafa. Zuma mai kyau a bakin wannan iyaka take, abin da ya tsare ta ke nan.

Amma me ya sa ƙwayar ke tsayawa? Duk wanda ya taɓa shiga ruwan fadama ya san matsattsaku, ya kuma san abin da ke faruwa idan aka barbaɗa masa gishiri: sai ya yanƙwane, ruwa ya tsattsafo daga jikinsa. Haka matan gida ke gani idan suka sa wa yankakkiyar albasa gishiri, ba a jima ba ta fara zubar da ruwa. Jikin ƙwayar bakteriya wata 'yar jaka ce cike da ruwa, lulluɓe da tantani wanda ruwa ke ratsa shi cikin sauƙi amma gishiri da sukari ba sa ratsawa yadda suka ga dama. Ɗabi'ar ruwa kuwa ita ce ya bar inda yake sake ya tafi inda aka fi riƙe shi. A cikin ɗanyen kifi, cikin jakar ya fi wajenta kauri, saboda haka ruwa na shiga, jakar ta cika ta yi tam, kuma wannan cika ce ke ba ta ƙarfin girma da tsagewa. Idan aka kewaye ta da gishiri sai al'amarin ya juya. Ruwa ya riƙa fita, jakar ta saɓe, abin da ke cikinta ya yi kauri har ayyukan rayuwa su kasa gudana.

Ƙwayar ba ta miƙa wuya nan take. Takan yi ƙoƙarin tara wasu sinadarai a cikinta don ta ƙara wa kanta kauri, ta janyo ruwan ya dawo, tamkar dai abin da Hausawa ke cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Sai dai wannan aiki yana cin ƙarfi, kuma ƙarfin da ta kashe a kansa ba ta kashe shi a kan haihuwa ba. Da farko girmanta ya yi jinkiri, daga baya ya tsaya cak. Bambancin da ke tsakanin raggwayen ƙwayoyi da irin su sitafilokokas da fumfuna bai wuce gwaninta a wannan dabara ba. Gishiri yana da wata ɓarna ta dabam da yake yi wa ƙwayoyin idan ya yi yawa, amma babban aikinsa shi ne wannan ƙishirwa da yake jefa su ciki alhali suna tsakiyar ruwa.

Yanzu bari mu sauka bakin ruwa mu yi lissafi. A ce mai sana'ar kifi a Guri ta sayi karfasa, ta fede, ta cire kayan ciki, ta wanke, ta tsaga su, ta ɗora a sikeli suka ba da kilo 10. Don sauƙin lissafi mu ce kilo 8 ruwa ne, kilo 2 kuma nama da ƙashi, wanda bai yi nisa da gaskiya ba. Ta kawo gishiri rabin kilo ta shafa, mu kuma ƙaddara duk ya shiga, ko da yake a aikace wani kan zube tare da ruwan da ke tsiyayewa. A ido rabin kilo gishiri ne mai yawa. Amma abin da ya kamata a tambaya shi ne, ruwa nawa wannan gishiri zai riƙe? Rabin kilo cikin kilo 8 na ruwa bai kai kashi 6 cikin ɗari ba, kuzarin ruwan kuwa bai sauka ƙasa da 0.96 ba. Ta sayi 'yan sa'o'i, ta rage wa masu ɗoyi gudu, amma kifinta bai tsira ba. Idan ta ajiye shi a haka don ta ji gishiri a harshe, zai ruɓe da gishirinsa.

Sai ta shimfiɗa shi a kan raga, sama da ƙasa, inda iska ke ratsawa. Gishiri ba ya tashi, ruwa ne ke tashi, saboda haka duk ruwan da ya fita yana ƙara wa na ciki kauri. Idan sikeli ya nuna kilo 6 da rabi, ruwan da ya saura kilo 4 ne, gishirin ya zama kashi 11 cikin ɗari na ruwan gishirin da ke jikin kifin, kuzarin ya sauko wajen 0.93. Har yanzu da sauran aiki. A kilo 4 da rabi ruwan ya koma kilo 2, gishirin kashi 20, kuzarin wajen 0.84, kuma a nan ne ta wuce iyakar bakteriya masu cutarwa. A kilo 4 cif, kuzarin ya sauko ƙasa da 0.80, yawancin fumfuna ma ta sallama. Ku lura da cewa hatsarin duka yana cikin tafiyar farko, daga kilo 10 zuwa kilo 6. Idan wannan zango ya ɗauki kwana uku saboda hadari ko rashin iska, to ƙwayoyin sun riga sun gama ɓarna kafin ƙishirwa ta cim musu, kuma bushewar da za ta biyo baya ba za ta gyara ruɓaɓɓen kifi ba.

Mu gwada ta da maƙwabciyarta wadda ba ta sa gishiri ba. Ita idan kifinta ya kai kilo 4, rabinsa ruwa ne sakakke, kuzarinsa yana sama da 0.90 nesa. Kafin ta tsira daga fumfuna sai ta busar da shi har ruwan ya koma kashi 15 cikin ɗari ko ƙasa da haka, wato kilo 10 ɗin nan su koma kilo 2 da 'yan kai, kifin ya yi ƙarau yana karyewa a cikin kwali. Ga shi nan a fili: rabin kilo na gishiri ya ba ta farkon damar tsayawa a kilo 4 inda ta biyu sai ta gangara kusan kilo 2 da sulusi. Daɗin daɗawa, kifi mai gishiri sosai ƙuda ba ya son yi masa ƙwai, ƙwaron nan mai cinye busasshen kifi ya bar ƙashi da fata shi ma girmansa kan ragu a cikinsa. Wannan ya fi yayyafa maganin ƙwari da wasu ke yi, wanda guba ce kai tsaye ga mai ci.

In haka ne, me ya hana masu kifin Haɗejiya rungumar gishiri? Gaskiya galibin kifin yankin banda ake yi, da gishiri kaɗan ko babu, kuma ba rashin sani ba ne. Gishiri tsohon kayan fatauci ne a wannan ƙasa, manda daga ƙasar Manga, kantu daga Bilma, kuma a da ba shi da arhar da za a zuba kilo guda kan kifi. Ga itace a kusa, ga iskar hunturu wadda ke zuwa daidai lokacin da su ya yi albarka, tana busar da kome kyauta. Sa'an nan bakin masu saye, tun daga kasuwar Haɗejiya har Anacha da Ikko, ya saba da ƙamshin hayaƙi, ba da kifin da sai an jiƙa shi an zubar da ruwa kafin a sa a miya ba. Mu a ganinmu matsakaiciyar hanya ta fi dacewa, wato a tsoma kifin cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci kafin a ɗora shi a wuta. Wanda ke son ruwan gishiri mai cikakken ƙarfi ba ya bukatar na'ura: ya yi ta zubawa yana motsawa har gishirin ya ƙi narkewa ya kwanta a ƙasa. Lita ɗaya takan ɗauki wajen giram 360, kuma kuzarin wannan ruwa 0.75 ne, gishiri ba ya iya saukar da shi ƙasa da haka. Daga nan ne ma tsohuwar ƙa'idar masu kifin gishiri ta bakin teku ta samo asali, ta ma'auni ɗaya na gishiri ga ma'auni uku na kifi, domin kilo 8 na ruwa sai da gishiri kusan kilo 3 yake ƙoshi.

Banda ita kanta tana da tarkonta. Wuta tana kashe ƙwayoyin da ke jikin kifi, hayaƙi yana shafa masa sinadaran da ke hana su dawowa da wuri, amma abin da ke sa banda ta yi wata da watanni shi ne bushewa. Mai gaggawa kan hura wuta mai ƙarfi tun daga farko, sai bayan kifin ya ƙone ya yi ɓawo mai tauri, ya toshe wa ruwan ciki hanyar fita. A ido ya yi kyau, baƙi mai sheƙi, a hannu ya yi tauri. A ciki kuwa, kusa da ƙashin baya, kuzarin ruwan bai bar inda yake ba. Babbar tarwaɗa da aka naɗe ba a tsaga ba ta fi faɗawa wannan. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan karya ɗaya ya duba tsakiya: idan naman wurin na da laushi, yana manne wa yatsa, ko yana tashin wari mai hawa hanci kamar na tsohon fitsari, to kwalin ba zai kai kudu lafiya ba. Wuta sannu-sannu, da juyawa, da barin kifi ya huce kafin a rufe shi, su ne magani. Wanda ya ƙulle banda mai ɗumi a leda zai ga raɓa ta taru a jikin ledar, ta ɗiga kan kifin, kuma wannan ɗigo guda ruwa ne sakakke, ya ishi fumfuna ta kafa sansani.

Mun yi alkawarin dawowa ga marka. Abin da ke faruwa a cikin kwalbar nan shi ke faruwa a cikin shago da ɗakin ajiya, sai dai a nan iska ta fi kifi yawa, don haka kifi ne ke bin iska. A tsakiyar hunturu laimar iskar Haɗejiya da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kowane abu ruwa yake bayarwa. A watan Agusta kuwa takan haura kashi 80, musamman da dare da sassafe, sai busasshen kifi ya riƙa shan ruwa daga iska ba tare da ko ɗigon ruwan sama ya taɓa shi ba. Kowa ya ga gishirin gidansu ya jiƙe a damina yana naso a cikin kwano. Dalili shi ne duk lokacin da laima ta wuce kashi 75, gishiri kan jawo ruwa daga iska. Ashe ke nan gishirin da ya ceci kifi a Disamba shi ne zai jiƙa shi a Agusta idan aka bar shi a buɗe. Kifin da za a ajiye har damina sai an busar da shi sosai, ya huce, a rufe shi inda iska ba ta shiga, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa dubawa ana maimaita masa wuta in ya fara laushi.

Alamun lalacewar busasshen kifi mai gishiri ma dabam suke. Wani lokaci sai a ga jaja-jaja a jikinsa, da santsi. Wannan aikin wasu ƙwayoyi ne masu son gishiri, waɗanda ke zuwa a cikin gishirin da aka shanya a rana, su kuma 0.75 ɗin nan gidansu ne. Wani lokaci ɗige-ɗige ne masu launin ƙasa, aikin wata fumfuna mai jure fari. Kifi mai maiƙo irin tarwaɗa yana da wata matsala wadda ba ta ƙwaya ba ce sam: mansa kan tsufa ya yi rawaya ya yi maƙaƙi, kuma gishiri na gaggauta wannan. Saboda haka karfasa da sauran marasa maiƙo sun fi karɓar gishiri.

Sukari fa? Hanyarsa ɗaya da ta gishiri, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba. Abin da ke riƙe ruwa shi ne yawan ƙwayoyin abin da ya narke a cikinsa, ba nauyinsu ba. Ƙwayar sukari ta fi ta gishiri nauyi kusan sau shida, ita ta gishiri kuma idan ta narke rabuwa take yi gida biyu. Sakamakon haka, aikin da giram 110 na gishiri zai yi a lita ɗaya ta ruwa, sai an narka sukari kilo guda kafin a same shi. Ko an zuba sukari har ya ƙi narkewa, wajen kilo 2 a lita, kuzarin bai sauka ƙasa da 0.86 ba. Zuma ta fi shi ne domin ƙudan zuma ya riga ya raba sukarinta zuwa ƙananan ƙwayoyi biyu, waɗanda suka fi yawa suka kuma fi narkewa. Mai dafa mangwaro da sukari don ajiya, idan ya matsa lemon tsami a ciki yana tafasawa, wani ɓangare na wannan rabuwa yake yi, tsamin kuma na taya shi korar bakteriya.

Abin da ya kamata a kiyaye a nan shi ne sukari kaɗan abinci ne ga ƙwaya, ba magani ba. Zoɓo da kunun zaƙi, kome zaƙinsu a baki, kuzarin ruwansu bai bar 0.99 ba, shi ya sa suke tsami su kumbura gora kafin kwana. Zuma ma, idan aka cire ta ba ta nuna ba, ko mai sayarwa ya tsarma mata ruwa, ko aka bar bakin kwalba a buɗe a damina ta sha laima har ruwanta ya haura kashi 20, sai wani yis mai jure sukari ya farka, ta fara kumfa da warin tsami. Mazarƙwaila da alewa su ma a marka suke narkewa su yi danƙo, fumfuna ta hau samansu.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi shafar lafiya. Ƙishirwa tana tsayar da ƙwaya, amma ba lalle ta kashe ta ba. Salmonela takan yi watanni kwance a cikin busasshen abinci, kilishi ne ko garin yaji ko kifi, tana jiran ruwa. Ranar da uwargida ta jiƙa kifi don ta rage masa gishiri, ranar ya koma ɗanye, agogon nan na rabin awa ya fara bugawa. Saboda haka jiƙon safe ba ya kwana, a dafa shi a ranar, a dafa shi da kyau. Haka kuma dafin da wata ƙwaya ta riga ta zuba kafin abinci ya bushe yana nan. Dafin sitafilokokas tafasa ba ta karya shi, haka dafin afalatoksin da wata fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara da busasshen kifi, wanda ke lalata hanta. Goge fumfuna da tsumma a shafa mai don kifi ya yi sheƙi ya ɓoye alama ne kawai. Zuma kanta, duk da babu abin da ke girma a cikinta, takan ɗauki irin wata ƙwaya a kwance, wadda hanjin babba ya fi ƙarfinta amma takan tsiro a hanjin jariri ta shanye masa jiki. Wannan ne dalilin da likitoci ke hana ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Ga waɗanda ke karatun kimiyya ko aikin gona a cikinmu, da ma'aikatan da za a tura Auyo ko Birniwa ko Kirikasamma, gwajin kwalbar nan ba ya bukatar babban ɗakin bincike. Ƙaramin ma'aunin laima da ake sayarwa a kasuwa ya isa. Kafin a amince da shi, a dama gishiri da ɗan ruwa ya yi kamar jiƙaƙƙen rairayi, a rufe su tare a kwalba har kwana ɗaya a inuwa. Ya kamata ya nuna 75. Idan ya nuna 72, an san ana ƙara masa uku a kowane awo. Daga nan sai a yanko kifin daga wuri mafi kauri, kusa da ƙashin baya, ba daga jela ba, a cika rabin kwalbar da shi, a rufe, a karanta washegari.